Gano Nauyin Mol Daga Saukar Matakin Daskarewa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai suka fi yi mini a karatun yamma da muke yi a Tudun Wada. Yawancin masu tambayar 'yan shekarar farko ne a Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, sai kuma wasu malaman sakandare masu son gwada aikin da hannunsu. Na ɗauki gishirin girki a matsayin misalin da za mu bi daga farko har ƙarshe, domin a kansa ne lissafin ya fi ruɗa mutane.

Malam, me ya sa narkar da abu a ruwa ke saukar da matakin daskarewarsa?

Duk mai sayar da kayan sanyi ya san wannan tun kafin ya ji sunansa a aji. A sa ledar ruwa da ledar zoɓo mai sukari a firiza ɗaya, ruwan zai riga zoɓon zama ƙanƙara. Tsantsar ruwa na daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Salsiyas, amma ruwan da aka narkar da wani abu a ciki sai an yi ƙasa da haka.

Ga dalilin. A daidai matakin daskarewa, ƙwayoyin ruwa na barin ruwan suna hawa jikin ƙanƙara, wasu kuma na saukowa daga ƙanƙarar suna komawa ruwa, kuma yawan masu hawa daidai yake da na masu sauka. Ƙanƙara ba ta karɓar baƙo, ƙwayoyin ruwa kaɗai take jerawa. To da zarar an narkar da gishiri ko sukari, ƙwayoyin baƙon sun cakuɗa da na ruwa, masu hawa sun ragu, masu sauka kuwa suna nan yadda suke. Sai ƙanƙarar ta fara narkewa. Kafin ɓangarorin biyu su sake daidaita, dole a ƙara sanyi. Wannan ƙarin sanyin da ake buƙata shi ne saukar matakin daskarewa, ana rubuta shi ΔTf.

Abin da ya kamata a riƙe tun daga nan: idan abin da aka narkar bai yi yawa ba, ruwan bai damu da ko wane irin baƙo ne ya shigo ba. Yawan ƙwayoyin baƙon kawai yake gani.

Yaya za a ce tamomita, wadda zafi take aunawa, ta gaya mana nauyin mol?

Ba ita kaɗai ba, su biyu ne ke aikin. Sikeli ya gaya maka giram nawa ka zuba. Tamomita ta gaya maka mol nawa na ƙwayoyi ke yawo a cikin ruwan. Ka raba giram da mol, ka sami nauyin mol. Dokar da ta haɗa su ita ce:

```
ΔTf = i × Kf × m
```

A nan m molaliti ne, wato mol nawa na abin da aka narkar ke cikin kilogiram ɗaya na ruwa. Kf lamba ce ta ruwan da aka narkar da abin a ciki, ba ta abin da aka narkar ba, kuma ga ruwa 1.86 ce. Ma'anarta, mol ɗaya na ƙwayoyi a kilogiram ɗaya na ruwa zai saukar da matakin da digiri 1.86. Ita kuwa i, wato ƙwayoyi nawa kowace ƙwaya ta abin da aka narkar ke zama a cikin ruwa, ita ce gyaran da wannan shafi ya fi mayar da hankali a kai. Ga abin da ba ya rabuwa idan ya narke, kamar sukari ko yuriya, i ɗaya ce.

Idan aka sa w a matsayin giram na abin da aka narkar, W kuma kilogiram na ruwa, aka juya lissafin don a fito da nauyin mol M, sai a samu:

```
M = (i × Kf × w) / (ΔTf × W)
```

A gwada da yuriya, wadda manoma suka sani a buhun taki. An narkar da giram 0.600 a ruwa giram 100, wato kilogiram 0.100, ruwan ya daskare a digiri −0.186. Sama: 1 sau 1.86 sau 0.600, ya ba da 1.116. Ƙasa: 0.186 sau 0.100, ya ba da 0.0186. An raba, an sami giram 60 a kowane mol. Nauyin mol na yuriya ke nan, babu wata gardama.

To ina matsalar take idan gishiri ne?

Nauyin mol na gishirin girki, NaCl, kusan 58.5 ne, wato dab da na yuriya. Saboda haka mutum zai zaci idan ya narkar da giram 0.585 na gishiri a ruwa giram 100, zai ga saukar digiri 0.186 kamar dai yuriya, tunda duka biyun molaliti 0.100 ne. Amma abin da ake gani da kayan awo masu kyau shi ne kusan digiri 0.348. Ya kusa ninka na yuriya.

Wanda bai san da gyara ba, ya ɗauki i a matsayin 1, ga abin da zai samu:

```
M = (1 × 1.86 × 0.585) / (0.348 × 0.100) = 31.3
```

Amsar ta fito 31.3, kusan rabin gaskiya. Ba a yi kuskuren lissafi ba, kuma tamomita ba ta yi ƙarya ba. Abin da ya faru shi ne gishiri ba ya zama a dunƙule a cikin ruwa. Kowane NaCl na ba da ayon biyu, Na⁺ da Cl⁻, kowanne na yawonsa dabam. Ka tuna ɗan kamasho a tashar Kawo: idan miji da mata suka zo shiga mota, ba ya cewa ai gida ɗaya ne, kujera biyu zai ƙirga. Haka ruwa ke ƙirga ayon. Mol ɗaya na gishiri ka zuba, shi kuwa mol biyu na ƙwayoyi ya gani. Da ka raba giram ɗinka da adadin ƙwayoyin da ya gani, abin da ya fito shi ne matsakaicin nauyin ƙwaya ɗaya mai yawo, ba nauyin NaCl ba. Sodiyam 23 ne, kulorin 35.5, matsakaicinsu 29.25, ka ga bai yi nisa da 31.3 ba.

Wannan amsa ta farko ana kiranta nauyin mol na zahiri, wato wanda ya bayyana a gwaji kafin gyara. Dangantakarsa da na gaskiya mai sauƙi ce:

```
i = M(na gaskiya) / M(na zahiri)
```

Wa ya fito da wannan i ɗin?

Tun 1788 wani Bature ɗan Ingila, Charles Blagden, ya lura cewa saukar na ƙaruwa daidai da yawan abin da aka narkar. A farkon shekarun 1880 François-Marie Raoult na Faransa ya nuna cewa adadin mol ne ke da tasiri, har aka fara amfani da hanyar wajen gano nauyin mol. Amma gishiri da danginsa sun ƙi bin dokar. Jacobus van 't Hoff ɗan ƙasar Holan ya sa lambar i a lissafi don ta cike giɓin, shi ya sa ake kiranta da sunansa. A 1887 Svante Arrhenius ɗan ƙasar Suwidin ya bayyana ma'anarta: abubuwan na rabuwa ne zuwa ayon a cikin ruwa. Van 't Hoff ne ya fara karɓar kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1901, Arrhenius ya karɓi tasa a 1903.

Ashe sai in sa i = 2 kawai ga gishiri, shi ke nan?

A jarrabawa, idan tambayar ta ce a ɗauka abin ya rabu gaba ɗaya, e, ka ƙirga ayon ka sa adadinsu. NaCl da KCl biyu ne. CaCl₂ uku ne, kalsiyam ɗaya da kulorayid biyu. Na₂SO₄ ma uku ne, kuma a nan ɗalibai kan zame: SO₄²⁻ ayon ɗaya ne a dunƙule, ba a farfasa shi zuwa salfa da iskar oksijin. AlCl₃ huɗu a takarda.

Amma a sa 2 a awon da muka yi a sama a ga abin da zai faru. 31.3 sau 2 ya ba da 62.6. Gaskiyar kuwa 58.5 ce. Da farko mun gaza da kusan rabi, yanzu mun zarce da kusan kashi 7 cikin ɗari. An samu ci gaba sosai, amma ba a dira daidai ba. Idan muka juya, muka tambayi awon ko nawa ce i ɗinsa, sai mu raba 58.5 da 31.3, mu sami 1.87. Wannan ita ce i da ake aunawa ga gishiri a molaliti 0.1.

Ina ba ɗalibai shawara su riƙe bambancin nan da kyau. Adadin ayon da ke cikin fomula, wanda zan kira n, lamba ce cikakkiya da ake ƙirgawa a takarda. Ita kuwa i aunawa ake yi, kuma a irin waɗannan awo tana ƙasa da n.

Me ya hana ta kai 2? Wani ɓangare na gishirin ne bai rabu ba?

Haka aka fahimta a zamanin Arrhenius, kuma har yau littattafai da yawa na lissafi a kan wannan fahimta. Suna fitar da abin da suke kira gwargwadon rabuwa, α, ta wannan hanya:

```
i = 1 + α(n − 1)
α = (i − 1) / (n − 1)
```

Tushen lissafin ba wuya. Ka fara da mol ɗaya. Idan kaso α ya rabu, saura 1 − α a dunƙule, wanda ya rabu kuma ya haifi ƙwayoyi nα. Ka haɗa su, jimilla 1 − α + nα, wato 1 + α(n − 1). Ga gishirinmu, α zai zama 0.87 a raba da 1, sai a ce kashi 87 cikin ɗari ya rabu.

Idan haka aka tambaye ka, haka za ka amsa. Sai dai kada ka tafi da tunanin cewa kashi 13 na gishirin na nan a matsayin ƙwayoyin NaCl da suka ƙi rabuwa. Gishiri ko a busasshensa ayon ne jere da ayon, kuma a ruwa a rabe yake kusan baki ɗaya. Abin da ke rage i shi ne jan juna. Kowane Na⁺ na jawo Cl⁻ su yi ta kewaye shi, kowane Cl⁻ ma haka, don haka ba su da cikakken 'yancin yawo irin na ƙwayoyin sukari marasa caji. Peter Debye da Erich Hückel ne suka yi wa wannan bayani na lissafi a 1923.

Akwai shaida biyu da ke nuna haka. Ta farko, idan aka ƙara ruwa, ayon suka yi nesa da juna, i na hawa: 1.87 a molaliti 0.1, kusan 1.94 a 0.01, kusan 1.97 a 0.001. Ta biyu ta fi ƙarfi. A ɗauki MgSO₄, wanda shi ma ayon biyu yake bayarwa, amma kowanne caji biyu gare shi. A molaliti 0.1, i ɗinsa kusan 1.21 ce kawai. Jan ya yi ƙarfin da har wasu ayon kan manne biyu-biyu na ɗan lokaci, ruwa ya ƙirga su a matsayin ƙwaya ɗaya. Nauyin mol na MgSO₄ kusan 120 ne. A wannan molaliti, na zahirinsa zai fito kusan 99, kuma wanda ya ninka da 2 ba tare da tunani ba zai rubuta kusan 198. A nan gyaran ya fi rashin gyara ɓata amsa. Shi ya sa nake cewa sa i = n abu ne da ya dace da gishiri mai caji ɗaya-ɗaya a ruwa mai yawa, ba doka ce ta kowane hali ba.

Inda α ke da ma'anarsa ta asali shi ne wajen asid mai rauni. Asid ɗin da ke cikin binega, CH₃COOH, a molaliti 0.1 abin da ke rabuwa bai wuce kashi ɗaya da ɗigo uku cikin ɗari ba, sauran na nan a dunƙule da gaske. Sai i ta zama kusan 1.01, saukar kuma kusan 0.188.

A yi mana misali irin na jarrabawa, daga farko zuwa ƙarshe.

Ga wanda na tsara don aji. An narkar da giram 2.00 na wani gishiri mai fomula MX₂ a ruwa giram 250. Ruwan ya fara daskarewa a digiri −0.362. An ce gwargwadon rabuwarsa kashi 85 cikin ɗari ne. A nemo nauyin mol.

Fara da n. MX₂ na ba da M²⁺ ɗaya da X⁻ biyu, don haka n = 3. Sai i: 1 a haɗa da 0.85 sau 2, ya zama 2.70. ΔTf kuwa tazara ce tsakanin 0 da −0.362, wato 0.362, ba a sa mata alamar ragi. Ruwa giram 250 kilogiram 0.250 ne.

```
M = (2.70 × 1.86 × 2.00) / (0.362 × 0.250)
M = 10.044 / 0.0905 = 111
```

Amsa giram 111 a kowane mol, wanda ya yi daidai da CaCl₂: kalsiyam 40, kulorin biyu 71. Wanda ya manta da i gaba ɗaya zai sami 41. Wanda ya yi watsi da kashi 85 ɗin ya sa 3 zai sami 123.

Idan ina duba takardu, amsar kanta kan nuna mini inda ɗalibi ya faɗi. Amsa ta fito 0.111, ya bar ruwan a giram bai mayar kilogiram ba. Ta fito da alamar ragi, ya kwafi −0.362 yadda take. Ta fito kusan 15, ya sa i a ƙasa maimakon sama. Wannan na ƙarshe yana da sauƙin kamawa da hankali kawai: rabuwa na sa nauyin zahiri ya yi ƙasa da na gaskiya, don haka gyara dole ya ɗaga amsar, ba ya rage ta ba. Wasu kuma kan ƙara 273 a kan ΔTf wai za su mayar da ita Kelbin. Ba a yi. Tazarar digiri ɗaya a Salsiyas daidai take da tazarar ɗaya a Kelbin.

Malam, akwai abin da bai zauna mini ba. Idan ban san ko mene ne abin ba, ta yaya zan san i ɗinsa? Idan kuma na san fomularsa, me zai sa in yi gwajin?

Wannan ce tambayar da na fi so, kuma mai yin ta ya gane darasin. Gaskiya ne, lissafi ɗaya ne da abubuwa biyu da ba a sani ba, M da i. Tamomita ba za ta iya raba su ba. Abin da take bayarwa kawai shi ne M a raba da i. Da wani zai miƙo maka farin gari, ka auna ka sami 31.3, awon shi kaɗai bai isa ya bambanta abu mai nauyi kusan 31 da ba ya rabuwa, da mai nauyi kusan 60 da ke rabuwa biyu, da mai nauyi wajen 80 zuwa 90 da ke rabuwa uku ba.

Dole a nemo n ta wata ƙofa. Mataki mafi sauƙi shi ne a duba ko ruwan na ɗaukar lantarki. Batir, ƙaramin ƙwan fitila da sandunan gawayi biyu irin na cikin tsohon batir sun isa. Ruwan yuriya ko na sukari ba zai kunna ƙwan ba, na gishiri zai kunna. Kada a yi wannan da wutar soket, ko kusa. Idan bai kunna ba, a ɗauki i = 1. Idan ya kunna da haske sosai, akwai ayon da yawa, sai a koma ga gwaje-gwajen gano ayon da aka saba, misali silba naitiret don kulorayid, ko launin harshen wuta don sodiyam da kalsiyam. Daga nan a san irin gishirin da adadin ayon ɗinsa.

Mataki na biyu shi ne a maimaita awon a molaliti daban-daban. Idan nauyin zahiri bai motsa ba, abin ba ya rabuwa. Idan yana raguwa duk lokacin da aka ƙara ruwa, yana neman tsayawa a wata lamba, to wannan lambar ita ce M a raba da n. Ga gishiri tana nufar 29.25.

A aikace, an fi amfani da gwajin ta fuska biyu. Ga abin da ba ya rabuwa, ana neman M. Ga gishirin da aka riga aka san fomularsa, ana neman i, don a ga yadda ayon ke hulɗa da juna. Neman M na gishirin da ba a san komai a kansa ba, ta wannan hanya kaɗai, ƙiyasi ne kawai zai bayar.

Za a iya yin gwajin a makarantar da ba ta da manyan kayan aiki?

Za a iya, muddin an yarda da iyakarsa. Ana buƙatar kwalbar gwaji, tamomita, siririyar waya da aka lanƙwasa don motsawa, sikeli, tataccen ruwa, ƙanƙara da gishiri. Ƙanƙara a sayo ta wajen masu sayarwa da safen, a ajiye a kula, kada a dogara da firiza a ranar da za a iya ɗauke wuta.

A farfasa ƙanƙarar ƙanana, a cakuɗa da gishiri, misalin kashi uku na ƙanƙara da kashi ɗaya na gishiri a nauyi. Wannan haɗi na iya sauka har kusan digiri −21, iyakarsa ke nan. Dabarar ce dai ake amfani da ita a injinan ƙanƙara masu tankin ruwan gishiri. Amma don wannan gwaji sanyi mai tsanani haka ba alheri ba ne. A rage gishirin yadda haɗin zai tsaya wajen −5 zuwa −8, domin ruwan gwaji ya huce a hankali.

A fara da tataccen ruwa shi kaɗai a kwalbar gwaji, a tsoma ta cikin haɗin ƙanƙarar, da tamomitar da za a yi amfani da ita har ƙarshe. Idan ta nuna ya daskare a 0.2 maimakon 0, to 0.2 ɗin ce sifirinka, daga ita za ka cire. Sannan a wanke, a zuba ruwan gishirin da aka auna, a riƙa motsawa ba tsayawa, ana rubuta zafi kowane daƙiƙa 30.

Abu biyu za a gani. Na ɗaya, ruwa kan zarce matakin daskarewarsa bai daskare ba, sai kwatsam ƙanƙara ta bayyana, zafi ya yi tsalle sama. Lambar da ta fi ƙasa ba ita ce amsa ba. Na biyu, tsantsar ruwa na tsayawa cak a zafi ɗaya yayin da yake daskarewa, ruwan gishiri kuwa sai ya ci gaba da gangarawa sannu a hankali. Dalili shi ne ƙanƙarar na kwashe ruwa tana barin gishiri, sauran ruwan na ƙara kauri, matakinsa na ƙara sauka. Don haka abin da ake nema shi ne zafin da ƙanƙara ta farko ta kamata ta fito. A zana giraf na zafi da lokaci, a ja layin gangarawar nan baya har ya haɗu da layin hucewa na farko, a karanta a mahaɗar. Wanda ya jira har rabin ruwan ya daskare kafin ya karanta zai sami ΔTf da ta yi yawa, nauyin mol kuma ya yi kaɗan.

Tamomitarmu ɗigo ɗaya kawai take nunawa bayan lamba. Ta isa?

Ba ta isa ga molaliti 0.1 ba. Saukar 0.348 za ta bayyana ko 0.3 ko 0.4. Da 0.3, nauyin zahiri 36.3 ne. Da 0.4, 27.2 ne. A ninka da biyu, ɗaya ya ce 73, ɗaya ya ce 54. Da irin wannan awo ba za a iya bambanta i = 1.87 da i = 2 ba. Don magance wannan ne Ernst Beckmann ya ƙera tamomitarsa mai rabe-raben digiri 0.01.

Mafitar makaranta ita ce a ƙara gishiri. Giram 5.85 a ruwa giram 100, wato molaliti 1.0, na saukar da matakin da kusan digiri 3.4, kuma kuskuren 0.1 a kan wannan kashi 3 ne kawai cikin ɗari. Abin da aka sadaukar shi ne dokar kanta, wadda ta fi gaskiya a ruwa mai yawa. 3.4 a raba da 1.86 ya ba da i kusan 1.8. A ganina ciniki ne mai kyau ga aji: a yi gishiri giram 5.85 da yuriya giram 6.00 gefe da gefe, ɗalibai su ga 3.4 da kusan 1.9 da idonsu.

Wane irin kuskure ne ke zuwa daga kayan da aka narkar?

Danshi ne babba, musamman da damina, a watan Agusta da komai ke jiƙewa a Kaduna. Gishirin da ya sha danshi, wani ɓangare na abin da sikeli ya nuna ruwa ne. Mol ɗin da aka zuba bai kai yadda ake zato ba, ΔTf ta yi kaɗan, M ya fito da yawa. CaCl₂ ya fi kowa wannan hali, yana iya jiƙewa tun yana kan sikeli. A busar da gishiri kafin awo, a rufe kwalba da sauri.

A kuma duba takardar jikin kwalba. CaCl₂·2H₂O nauyinsa 147 ne, ba 111 ba, kuma ruwan da ke jikinsa na shiga cikin ruwan narkarwa, ba a ƙirga shi cikin ayon. Har yanzu n uku ce.

Ɗalibai kan so gwada kanwa. Ba za ta yi ba, domin cakuɗe ce ta gishiri iri-iri da ƙasa, ba ta da nauyin mol guda. Takin buhu ma ba tsantsa ba ne, ya isa nuni amma ba awo mai tsauri ba. Ruwan famfo da na rijiya kuwa suna ɗauke da nasu ayon.

Me ya sa molaliti, ba molariti ba?

Domin molaliti a kan nauyin ruwa aka gina shi, nauyi kuwa ba ya canzawa da sanyi ko zafi, amma girman ruwa a lita na canzawa. A lura kuma W nauyin ruwa ne shi kaɗai, ban da abin da aka narkar.

Ba za a iya amfani da tafasa maimakon daskarewa ba? Ai wuta ta fi ƙanƙara sauƙin samu.

Ana iya yi, kuma i ɗin na shiga lissafin ta hanya ɗaya. Sai dai lambar tafasa ta ruwa 0.512 ce kawai, bai kai kashi ɗaya cikin uku na 1.86 ba, don haka canjin da za a auna ƙanƙane ne. Ga kuma matsin iska. Kaduna na kan tudu, ruwa na tafasa a nan wajen digiri 98, ba 100 ba, kuma yana ɗan motsawa da yanayi. Matakin daskarewa kuwa wannan tudu bai taɓa shi da abin da tamomitar makaranta za ta gani ba.

Shin i na iya yin ƙasa da 1?

Tana iya yi, idan ƙwayoyin na haɗuwa maimakon rabuwa. Asid ɗin benzoyik, C₆H₅COOH, nauyinsa 122 ne. Idan aka narkar da shi a benzin, C₆H₆, wanda ke daskarewa a digiri 5.5 kuma Kf ɗinsa 5.12 ce, ƙwayoyin asid ɗin na kama juna biyu-biyu. Adadin masu yawo ya ragu zuwa kusan rabi, i ta kusanci 0.5, nauyin zahiri ya doshi 244. Dangantakar nan ta M na gaskiya a raba da M na zahiri tana nan daram: 122 a raba da 244. Wannan asid ɗin kuma a ruwa ɗan rabuwa yake yi, i ɗinsa ta ɗan haura 1, saboda haka kafin a zaɓi i sai an duba abin da aka narkar da kuma ruwan da aka narkar da shi a ciki. Benzin guba ne mai jawo cutar daji, wannan misali na takarda ne, ba na gwadawa a aji ba.